Ƙwayar ayon, ƙarin ruwan ayon ko ledar jini: me ya dace da wanda basir ya cinye wa jini?

Wanda basir ke zubar wa jini a hankali ba kasafai yake zuwa asibiti saboda jinin ba. Kasala ce ke kawo shi. Zai ce da ya ɗan yi sauri zuwa masallaci sai haki, in ya ɗago daga sujada sai jiri, zuciya tana bugawa da ƙarfi, kai yana sarawa da rana. An yi masa maganin maleriya sau biyu, an yi na taifod, ba canji. Sai likita ya ja fatar ƙasan idonsa ya ga ta yi fari fat, ya duba tafin hannu da farce da harshe, sannan ya tambaye shi ko yana ganin jini in ya zaga. A nan ne amsar ke fitowa: "E, na daɗe ina gani, amma ai basir ne kawai."

Daga nan dangi ke rabuwa uku. Wani ya ce a sayo maganin ƙarin jini a kemis, wani ya ce akwai wanda ake sawa a ruwa ta jijiya, wani kuma ya ce a daina wahala a ƙara masa jini kawai. Kowace hanya tana da inda ta dace, kuma abin da ke raba su lamba ce a takardar gwaji, da yadda jiki ke ɗauka, da ko jinin yana ci gaba da zuba.

Yadda ɗigo ke zama ƙarancin jini

Jajayen ƙwayoyin jini suna ɗauke da himogulobin, shi ne ke kai iskar numfashi ko'ina a jiki, kuma ba a ƙera shi sai da sinadarin ƙarfe, wanda a asibiti ake kira ayon. Kowace mililita ɗaya ta jini tana ɗauke da kusan rabin miligiram na ayon. Lafiyayyen namiji yana asarar kusan miligiram 1 a rana, hanjinsa kuma yana tsotso miligiram 1 zuwa 2 daga abinci, sai lissafi ya daidaita. To in ƙaramin cokalin shayi ɗaya na jini, wato mililita 5, yana fita kullum a bayan gida, an ƙara asarar miligiram 2.5 ke nan. In cokali biyu ne, miligiram 5. Hanji yana ƙoƙarin ƙara tsotsa, amma daga tuwo da miya da wake ba ya iya cike wannan giɓin, musamman a gidan da nama sai jefi-jefi.

Da farko ba a jin komai, domin jiki yana da ajiya a hanta da ɓargo, kimanin miligiram 500 zuwa 1000 ga namiji, ƙasa da haka sosai ga mace mai haila ko mai yawan haihuwa. Sai ajiyar ta ƙare ɓargo ke fara ƙera ƙwayoyin jini ƙanana, masu koɗaɗɗen launi. Saboda abin yana tafiya wata da watanni, jiki yana sabawa. Shi ya sa za ka ga mutum yana tuƙa mota ko yana ɗinki da jinin da ya kai rabin na lafiyayye, alhali in a rana ɗaya ya yi wannan asarar da tuni ya faɗi. Wasu alamun ma ba a danganta su da jini: kwaɗayin tauna ƙanƙara ko cin farar ƙasa, tsagewar gefen baki, farce mai karyewa ko lotsawa a tsakiya, ƙafafu su hana mutum sukuni da dare.

Gwajin da ya isa da wanda bai isa ba

Gwajin da aka fi yi a ƙananan asibitoci shi ne PCV. Yana da arha, ana samun sakamako nan take, kuma yana faɗin kashi nawa cikin ɗari na jinin ne jajayen ƙwayoyi. In ka raba shi uku za ka sami kusan adadin himogulobin, wanda ake rubutawa Hb a takarda: PCV 24 yana nufin Hb wajen 8. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne akwai ƙarancin jini in Hb ya gaza 13 ga namiji baligi, 12 ga mace marar ciki, 11 ga mai ciki. Amma PCV iyakarsa ya ce jini ya yi ƙasa. Ba ya faɗin dalili.

Cikakken gwajin jini, FBC, ya fi shi nisa. A cikinsa akwai layin MCV, girman ƙwayar jini ke nan. In ya faɗi ƙasa da 80, ƙwayoyin sun ƙanƙance, kuma a wurin mai zubar jini wannan yana nuni ga ƙarewar ayon. Wanda ke yanke hukunci shi ne feritin, domin shi ke auna ajiyar kanta. Ƙasa da 30 ajiya ta yi ƙaranci, ƙasa da 15 kuwa babu sauran shakka. Sai dai feritin yana da wata ɗabi'a da ke ruɗar mutane: zazzaɓi, maleriya, ciwon hanta ko wani kumburi a jiki suna ɗaga shi, sai ya nuna 60 ko 80 alhali ajiyar babu komai. Don haka ba a son auna shi ana tsakiyar zazzaɓi. Ra'ayinmu shi ne duk wanda zai shafe watanni yana shan magani, ko za a sa masa ayon ta jijiya, kuɗin feritin ba asara ba ne. Ga mai sikila ko wanda aka sha yi wa ƙarin jini kuwa wajibi ne, domin irinsu ayon kan yi musu yawa a jiki, ƙara musu shi cutarwa ce.

Akwai binciken da ya fi duk waɗannan nauyi, kuma shi ne ake yawan tsallakewa saboda kunya. Dole likita ya duba duburar da ido, ya sa yatsa, ya leƙa da ɗan bututun da ake kira furoktoskof. Basir ya zama ruwan dare, amma basir ɗin da ke zubar da jini har ya kai ga ƙarancin jini ba shi da yawa. Mutum zai iya samun basir na gaske kuma jinin da ke ƙarar da shi yana fitowa daga wani wuri: gyambon ciki, tsutsar ciki mai tsotsar jini wadda ke shiga ta tafin ƙafa a gona, cutar tsargiya ta hanji ga masu aikin fadama da dam, atini, ko kansar babban hanji. Jinin basir ja ne jawur, yana ɗiga ko yana feshi bayan bayan gida ya fita, ko a gan shi lokacin tsarki, ba ya cakuɗe da kashin. In jinin ya cakuɗe da kashi, ko akwai majina, ko kashin ya zama siriri, ko yanayin fitarsa ya canza, ko mutum yana ramewa, ko a dangi an taɓa samun kansar hanji, to ba a tsayawa a kan basir. Haka duk namijin da ya haura shekara 40 da macen da ta daina haila, in aka same su da ƙarancin ayon, ya kamata a leƙa hanjin gaba ɗaya da kyamara, sau da yawa har da ciki ta baki. Wanda ke Daura ko ƙauyukanta zai iya farawa a babban asibiti da gwajin jini da na bayan gida, ya nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina in ana buƙatar zurfafa bincike.

Ƙwaya: mafi arha, mafi buƙatar haƙuri

Ga mafi yawan mutane ita ce zaɓin farko, kuma ta cancanci hakan. Wadda aka fi sani ita ce faras salfet mai miligiram 200, ƴar ƙwayar nan da ake ba mata a awon ciki. A cikin 200 ɗin, ayon na ainihi miligiram 65 ne. Faras fumaret mai miligiram 200 tana da kusan haka, gulukonet mai 300 kuwa wajen 35 kawai. Wannan lambar ta ayon na ainihi ita ake dubawa a jikin kwali, ba girman kwalba ko kyawun hoto ba. Yawancin ruwan maganin ƙarin jini masu zaƙi da ake saye da tsada, abin da ke cikin cokalinsu bai kai na ƙwaya ɗaya mai arha ba. Folik asid da bitamin B kuma ba sa maye gurbin ayon in ayon ne ya ƙare.

A da ana cewa sau uku a rana. Yanzu an gane cewa da zarar an sha ayon, hanta tana sakin wani sinadari mai suna hefsidin wanda ke rufe ƙofar tsotsa a hanji na kusan kwana guda, don haka ƙwaya ta biyu da ta uku mafi yawansu wucewa suke yi, su bar mutum da tashin zuciya da taurin bayan gida. Ƙwaya ɗaya a rana ta isa, in kuma ciki bai ɗauka ba, a sha yau a tsallake gobe. Wannan yana da muhimmanci na musamman ga mai basir, domin taurin bayan gida shi ke sa yunƙuri, yunƙuri kuma shi ke fasa jijiyar. An sha ganin wanda ya fara ayon sau uku a rana, cikin mako guda jinin da yake zubarwa ya ƙaru, ya jefar da maganin ya ce bai karɓe shi ba. Maganin bai yi laifi ba, adadin ne ya yi yawa, kuma ba a haɗa masa da abin tausasa bayan gida ba.

Lokacin sha yana canza sakamako ƙwarai. Mafi kyau da safe kafin a ci komai, da ruwa ko ruwan lemo, a jira awa guda kafin karin kumallo. Shayi shi ne babban abokin gaba, domin yana ɗaure ayon a hanji ya hana shi shiga, kuma madarar da ke cikinsa tana ƙara hanawa. Fura da nono haka, maganin gyambon ciki mai kashe tsami haka, ƙwayar kalsiyam haka. A bar tazarar awa biyu tsakani. Ayon kuma shi ma yana hana wasu magunguna aiki, kamar sifurofuloksasin da doksisaikilin da maganin maƙoƙo na tairoksin, don haka a gaya wa likita duk abin da ake sha. A watan azumi ana iya shan ta awa biyu bayan buɗa baki, ko da sahur in ba shayi za a sha ba. Bayan gida zai yi baƙi-baƙi ko kore mai duhu, wannan ba komai ba ne. Abin tsoro shi ne baƙi mai danƙo da ƙyalli da wari mai tsanani, wannan jini ne daga ciki, asibiti ake tafiya a ranar. A kuma ɓoye ƙwayoyin inda yara ba sa kaiwa, domin suna kama da alewa kuma tafin hannu ɗaya yana iya kashe ƙaramin yaro.

Yadda ake sanin tana aiki: a maimaita Hb bayan mako biyu zuwa huɗu. Ana sa ran ya hau da kusan 1 cikin mako biyu, kusan 2 cikin wata guda. Ƙarfin jiki yakan fara dawowa tun kafin lambar ta motsa sosai, kuma a nan ne mutane ke yin kuskuren da ya fi kowanne yawa, su daina sha da zarar sun ji dama. Jini ya dawo daidai ba ya nufin ajiya ta cika. Ana ci gaba da sha wata uku bayan Hb ya kai yadda ake so. In wata ya cika lamba ba ta motsa ba, dalilan ba su da yawa: ba a sha kullum, ana sha da shayi, maganin jabu ne, jinin da ke fita ya fi wanda ake ƙerawa, hanji ba ya tsotsa, ko kuma tun farko ba ƙarancin ayon ba ne.

Abinci yana taimakawa amma ba ya gyara wanda ya riga ya faɗi. Hanta da jan nama da kifi su ne ayon ɗinsu ke shiga jiki da sauƙi. Na zogale da alayyahu da wake yana shiga kaɗan ne, sai an haɗa da lemon tsami ko tumatir ɗanye yake ƙaruwa. Jan launin zoɓo ba jini ba ne, lemon malt da madarar gwangwani kuwa sukari ne da kitse.

Ayon ta jijiya

Wannan ba jini ba ne, ko da yake launinsa ja-baƙi ne a cikin ledar ruwa. Ayon ne ake zubawa kai tsaye, a tsallake hanji da duk matsalolinsa. Iri biyu aka fi samu. Ayon sukuros ana ba da miligiram 200 a zama ɗaya, har sau uku a mako. Ferik kaboksimaltos ana iya ba da har miligiram 1000 a zama ɗaya cikin kusan minti 15, gwargwadon nauyin mutum, a ƙarasa saura bayan mako guda. Na biyun ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma yana rage zirga-zirga, abin da ke da nauyi ga wanda zai riƙa tasowa daga Mai'adua ko Zango.

Ya fi ƙwaya a wurare sanannu: wanda ƙwaya ke ɓata wa ciki ko ke ƙara masa taurin bayan gida duk da an rage adadi, wanda ya sha wata guda yadda ya kamata lamba ba ta hau ba, wanda zubar jininsa ta fi ƙarfin abin da hanji ke tsotsa, wanda aka sa wa ranar tiyata nan da ƴan makonni, da mai cikin da haihuwa ta matso jininta yana ƙasa. Ba a ba da shi a wata ukun farko na ciki, ba a ba da shi ana cikin zazzaɓi ko wata cuta mai ƙwayoyin cuta a jini. Ba abin yi a kemis ko a ɗaki ba ne. Wani lokaci, ko da yake ba kasafai ba, jiki kan ƙi shi nan take, numfashi ya sarƙe, bugun jini ya faɗi, don haka sai inda akwai allurar adirenalin da wanda ya san aiki da ita, kuma a zauna minti 30 bayan an gama. In ruwan ya zurare a ƙarƙashin fata yana barin tabo mai duhu da ke daɗewa, saboda haka da an ji zafi ko kumburi a wurin allurar a yi magana. Kaboksimaltos kan rage sinadarin fosfet a jini, musamman in ana maimaita shi, alamarsa kasala da ciwon ƙashi bayan ƴan makonni. Tsohuwar allurar ayon da ake yi a ɗuwawu kuwa ba mu ba da shawararta: ga zafi, ga tabo, ga shi ba ta fi ƙwaya sauri ba.

Kada a yi tsammanin jini zai hau a ranar. Ɓargo ne zai yi ƙirar, kuma yana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin a ga canji a takarda. Feritin kuma ba a sake auna shi sai bayan aƙalla mako huɗu, in ba haka ba zai nuna lamba mai yawa ta ƙarya.

Ledar jini

Ƙarin jini na ceton rai ne. Kowace leda tana ɗaga Hb da kusan 1, PCV da kusan 3. Ana yin sa in Hb ya faɗi ƙasa da 7, ko ƙasa da 8 ga mai ciwon zuciya, ko in mutum yana haki yana zaune, ƙirji yana ciwo, ƙafa ta kumbura, yana suma, ko jinin yana zuba da yawa yanzu-yanzu. In ba a irin waɗannan halaye ba, haɗarinsa ya fi amfaninsa. Dole a tantance jinin daga cutar kanjamau da ciwon hanta nau'in B da C da tunjere, a gwada dacewarsa da na majinyaci, kuma duk da haka akwai ragowar haɗari. Akwai kuma wanda ya keɓanta da mai daɗaɗɗen ƙarancin jini: jikinsa ya riga ya cike gurbin da ruwa, zuciyarsa ta gaji, in aka zuba masa leda biyu da sauri ruwa kan taru a huhu. Don haka ake sa leda ɗaya a hankali cikin awa uku zuwa huɗu, a sake dubawa kafin a yi maganar ta biyu. Kuma wanda aka ƙara wa jini yana fita asibiti da ajiyarsa babu komai kamar yadda ya shiga. In ba a bi shi da ayon ba, bayan wata biyu ko uku zai dawo.

Mu auna su a kan mutum ɗaya

Mu ɗauki misalin direba mai jigila tsakanin Katsina da Daura, ɗan shekara 38, nauyinsa kilo 60. Ya fi shekara yana ganin jan jini, yana shan dikulofenak kusan kullum saboda ciwon baya, karin kumallonsa shayi da burodi a tasha. Gwaji ya nuna Hb 8, MCV 68, feritin 6. An leƙa an ga basir na ciki mai fitowa in ya yi yunƙuri ya koma da kansa. Ana lissafa ayon ɗin da yake bin jikinsa bashi da wannan ƙa'idar, inda 60 nauyinsa ne, 15 Hb ɗin da ake son ya kai, 8 wanda yake da shi yanzu, 2.4 lamba ce ta ƙa'idar da ba ta canzawa, 500 ɗin ƙarshe kuma na cike ajiya ne:

```
60 × (15 − 8) × 2.4 + 500 = 1508 mg
```

Wato kusan miligiram 1500. In ƙwaya zai sha, daga miligiram 65 jikin da ke cikin buƙata yana tsotsar wajen 10 a rana, don haka maganar wata biyar zuwa shida ce. Amma in har yanzu yana zubar da cokali biyu kullum, rabin abin da ya shiga yana fita, kamar mai ɗura ruwa a randar da ke yoyo, sai wata shidan su zama shekara. In ayon sukuros ne, zama bakwai zuwa takwas cikin kusan mako uku. In kaboksimaltos ne, 1000 yau, 500 mako mai zuwa. In jini ne, leda biyu za su kai shi Hb 10 gobe, ajiya tana nan fayau, ga haɗarin da bai zama dole ba tunda yana tafiya da ƙafarsa, ba ya haki a zaune.

Abin da za mu zaɓa masa: ya daina dikulofenak yau, domin shi da ibufurofen da asfirin da firoksikam suna ƙara zubar jini, suna kuma iya haddasa gyambon ciki, wanda zai iya zama shi ne rabin matsalar. Farasitamol ya maye gurbinsu. A gwada bayan gidansa don tsutsa, a ba shi maganinta in an samu. Ya fara ƙwaya ɗaya da asuba da ruwa, shayi sai hantsi. A ɗaure basir ɗin cikin makonnin farko. A sake Hb bayan mako uku: in ya kai 9 da rabi ko 10, a ci gaba, in yana nan a 8, a koma jijiya kuma a leƙa hanji da ciki ba tare da jira ba. Kuma a gaya masa gaskiya cewa mai jiri bai kamata ya riƙe sitiyari da fasinja a baya ba har sai jirin ya tafi. Da shekarunsa 55 ne, da kyamarar hanji ce farkon abin da za a sa wa rana, ko da an ga basir ƙuru-ƙuru. Da Hb ɗinsa 5 ne yana haki, da an kwantar da shi an fara da leda ɗaya, ayon ya biyo baya.

Toshe inda jinin ke fita

Basir na ciki hawa huɗu ne: wanda ba ya fitowa, wanda ke fitowa ya koma da kansa, wanda sai an tura shi da yatsa, da wanda ya fito ya ƙi komawa. Kowane hawa ana farawa da tausasa bayan gida: ruwa isasshe, musamman a bazarar Katsina da gumi ke ƙwace ruwan jiki, ganye, wake, kuɓewa, kuka, gwanda, hatsin da ba a surfe shi ƙwarai ba, da ruwan laktulos in an fara ayon. A daina daɗewa a tsugune, minti biyar ya isa, a daina yunƙurin dole. Man shafawa da na cusawa suna rage zafi da ƙaiƙayi, ba sa tsayar da jinin da ya kai ga ƙarar da mutum.

Wanda jininsa ya riga ya faɗi saboda basir ya wuce matakin abinci kaɗai. Ga hawa na ɗaya da na biyu, da wasu na uku, ɗaurin roba ne ya fi dacewa: ana sa ƴar ƙaramar roba a gindin tsiron, a saman inda jijiyoyin jin zafi suke, ba a sa mutum barci, yana komawa gida a ranar. Tsiron yana bushewa ya faɗi cikin kusan mako guda. Nauyi-nauyi na kwana biyu ba komai ba ne, zafi mai tsanani nan take yana nufin robar ta sauko ƙasa da yawa, a cire ta. Jini kan iya ɓallewa tsakanin kwana 7 zuwa 14 lokacin da ɓawon ya faɗi, kuma zazzaɓi da kasa fitsari da zafi mai ƙaruwa alamun gaggawa ne. Sau da yawa sai an maimaita ɗaurin, kuma basir kan iya dawowa bayan shekaru. Allurar ƙona jijiyar tana tsayar da jini a ƙananan hawa, amma tasirinta bai kai na roba daɗewa ba. Tiyatar yankewa ita ce ta hawa na huɗu da babban na uku da wanda roba ta gaza a kansa. Ta fi kowace hanya hana dawowa, ta kuma fi su zafi, da jinyar mako biyu zuwa huɗu. Likitan tiyata zai so jini ya hau kafin ya yanka, kuma a nan ne ayon ta jijiya ke biyan kuɗinsa.

Magungunan basir da ake tallatawa da lasifika a tasha da kasuwa, da yawansu masu sa gudawa ne. Mai taurin bayan gida zai ji sauƙi kwana biyu ya ɗauka ya warke, alhali yawan zagawa yana ƙara gurje wurin. Masu yanka ko ƙona tsiro a gida kuwa suna barin mutane da zubar jini mai yawa, ko ƙunci a dubura, ko rashin riƙe bayan gida. Bayan an tsayar da jinin kuma an gama ayon, a auna Hb duk bayan wata uku har shekara guda. In ya sake faɗuwa alhali ba a ganin jini a bayan gida, to daga wani wuri yake fita, sai a koma neman sa a ciki da hanji.